Aika babban fayil: dunƙule ɗaya ko gutsi-gutsi?

Mai haɗa bidiyon biki da zai tura wa abokin aikinsa fayil mai nauyin gigabait 4, alhali wutar lantarki ba ta da tabbas kuma intanet na jan ƙafa, yana da hanyoyi biyu. Idan ya ɗora shi a dunƙule, ya huta da ɗawainiya, sai dai a gudun megabit 1 a daƙiƙa aikin zai ci kusan awa 9, kuma a shafukan da ba sa ci gaba daga inda aka tsaya, ɗaukewar wuta a awa ta 8 tana mayar da shi farko, ga datar da ya saya ta tafi a banza.

Hanya ta biyu ita ce ya raba fayil ɗin da manhajar 7-Zip, ya rubuta `500m` a gurbin `Split to volumes, bytes`. Zai samu gutsure 8 ko 9, masu ƙarewa da .001, .002 har zuwa na ƙarshe, kowanne, ban da na ƙarshe da zai fi ƙanƙanta, yana ɗaukar awa ɗaya da 'yan mintoci, kuma wanda ya katse kaɗai za a sake turawa. Ni wannan na fi amincewa da ita, duk da sharaɗinta: dole mai karɓa ya tara dukkan gutsuren a wuri guda kafin ya buɗe na .001, domin idan ɗaya ya ɓace ko ya lalace, fayil ɗin ba zai fito cikakke ba.