Sharhi a kan Hunter: neman adireshin imel na ƙananan 'yan kasuwa da saƙon farko

Na yi amfani da Hunter, manhajar neman adireshin imel da aika saƙo, wajen tallata aikin haɗa wutar sola ga ƙananan otal-otal, kuma ga ra'ayina tun daga farko: ya ƙware wajen tantance ko adireshi yana aiki, yana da sauƙin aika saƙo, amma wajen gano wanda ya kamata a rubuta wa a ƙaramin kasuwanci, rabin aikin da hannu za ka yi shi. Wannan ba don manhajar ta lalace ba ne. Yadda aka gina ta ne ya jawo haka, kuma gara mutum ya sani kafin ya biya kuɗi.

Hunter yana aiki ne da sunan shafin kamfani, wato abin da ke zuwa bayan alamar @ a adireshi. Idan ka rubuta sunan a `Domain Search`, sai ya jero maka adireshin da ya tsinta a shafukan intanet masu ɗauke da wannan suna, tare da inda ya ga kowanne. Yakan kuma nuna tsarin da kamfanin ke bi, misali sunan farko, ɗigo, sannan sunan mahaifi. Da wannan tsarin ne `Email Finder` yake haɗa adireshin mutum idan ka ba shi suna. A kamfani mai ma'aikata ɗari biyu wannan dabara tana ci sosai, domin sunayen ma'aikatan sun bazu a wurare da yawa. Otal mai ɗakuna ashirin kuwa wani abu ne daban. Ko dai ba shi da shafi sam, adireshinsa na Gmail ne, ko kuma yana da shafi da adireshi ɗaya tak irin `info@`. A hali na farko babu sunan da za ka ba manhajar ta bincika. A na biyu za ta dawo maka da abin da ka riga ka gani da idonka a ƙasan shafin.

A ɗauka kana da jerin otal 40 a Kano da Kaduna da ka tattaro daga Google Maps. Kafin ka taɓa Hunter, raba su gida uku: masu shafi da adireshin kansu, masu Gmail ko Yahoo, da waɗanda ba su da komai sai lambar waya. Kashi na uku ka cire su daga lissafin imel gaba ɗaya, domin mutanen waya ne da WhatsApp, kuma babu manhajar da za ta ƙirƙiro musu akwatin da ba su buɗe ba. Kashi na biyu, abin mamaki, sau da yawa sun fi na farko daraja. Adireshin Gmail na ƙaramin otal yakan kasance a wayar mai wurin ko manajansa, alhali `info@` na iya zama akwatin da wanda ya gina shafin ya buɗe shekaru uku da suka wuce, ya tafi da kalmar sirrinsa.

To wa ake nema? A harkar sola, wanda ke sa hannu a kan kuɗin dizal. A ƙaramin otal shi ne manaja ko mai wurin da kansa. Ma'aikacin teburin karɓar baƙi ba ya yanke hukunci, amma ya san wanda ke yankewa. Saboda haka hanyar da ta fi kowace sauri ita ce kiran waya na minti ɗaya: a yi sallama, a ce ana son aika wa manaja takarda a kan rage kuɗin janareta, wane adireshi yake dubawa, kuma yaya sunansa? Wannan kiran ya fi duk wani maɓalli da ke cikin manhajar amfani. Amsoshin da otal ke ba baƙi a ƙarƙashin ra'ayoyinsu a Google Maps su ma kan zo da suna ko muƙami, haka nan shafinsu na Facebook.

Inda Hunter ya ci kuɗinsa shi ne `Email Verifier`. Yana duba ko an rubuta adireshin daidai, ya duba ko sunan shafin yana da saba, wato kwamfutar da ke karɓar wasiƙa, sannan ya tambayi sabar ko tana da wannan akwatin, ba tare da ya aika komai ba. Mataki na biyun kana iya yinsa da kanka kyauta da wannan umarnin a kwamfutarka, ka sa sunan shafin otal ɗin a madadin `example.com`:

```
nslookup -type=mx example.com
```

Idan babu amsa mai ɗauke da sunan saba, da wuya wasiƙa ta isa wurin, kada ka ɓata ƙuri'arka, wato adadin binciken da Hunter ke ware maka. Sakamakon tantancewar kuwa, `Valid` da `Invalid` ba su buƙatar bayani. Wanda ke yaudarar mutane shi ne `Accept all`. Ma'anarsa sabar tana cewa "na karɓa" ga duk sunan da aka jefo mata, ko da an ƙirƙire shi ne, don haka manhajar ba ta da hanyar sanin gaskiya. Idan adireshin yana da tushe, wato an gan shi rubuce a wani shafi ko an faɗa maka shi a waya, aika. Idan hasashe ne daga tsarin suna kawai, ajiye shi gefe. Wani abu kuma da ya kamata a fahimta: `Valid` na nufin akwatin yana nan, ba wai akwai mai buɗe shi ba.

Me ya sa ake wannan wahalar? Duk wasiƙar da ta dawo saboda babu akwati tabo ce a sunan shafinka, kuma idan tabon ya yi yawa, har wasiƙunka ga tsofaffin abokan ciniki sai su fara faɗawa `Spam`. Shi ya sa masu wannan sana'a ke buɗe shafi na biyu mai kama da na asali don irin waɗannan saƙonni. Tun watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa: kowane mai aikawa zuwa Gmail sai yana da SPF ko DKIM, wato saitunan shafi da ke tabbatar da cewa daga gare shi saƙon ya fito, masu aika 5,000 ko fiye a rana kuma sai sun yi duka biyun su haɗa da na uku mai suna DMARC, kuma adadin masu kai ƙarar saƙonka kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Kai mai otal 40 ba ka kusa da 5,000, amma saita dukkan ukun aikin rabin awa ne. Ga mai amfani da Google Workspace, SPF ɗin shi ne:

```
v=spf1 include:_spf.google.com ~all
```

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a saka layin SPF biyu a shafi ɗaya, wanda ke lalata su duka. Domin ka tabbatar, aika wa kanka saƙo zuwa wani Gmail, ka buɗe `Show original`, ka ga ko an rubuta `PASS` a gaban kowanne daga cikin saitunan ukun.

Sashen aikawa na Hunter yana haɗuwa da akwatinka na Gmail ko Outlook, saƙon ya fita da sunanka, kuma saƙon tunatarwa da ka tsara ya biyo bayan na farko yana tsayawa da zarar an amsa. Sabon akwati kada ya wuce saƙo goma zuwa sha biyar a rana a makonnin farko. Ni ina kashe bin diddigin buɗe saƙo. Tun 2021 manhajar wasiƙa ta Apple kan ɗauko ɗan hoton da ake ɓoyewa a saƙo don gane an buɗe shi da kanta ga masu kunna kariyar sirri, sai a lissafa an buɗe alhali ba a karanta ba. Amsa kaɗai ce ma'aunin da ba ya ƙarya.

Saura saƙon kansa, kuma a nan manhajar ba ta da abin da za ta taimaka da shi. Mai ƙaramin kasuwanci a waya yake karantawa, tsakanin baƙo da mai kawo kaya. Abin da yake gani kafin ya buɗe shi ne sunanka, kan saƙo da layin farko. Ga misali, da kan saƙo "Kuɗin dizal na otal ɗinku":

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Manaja. Na ga a shafinku kuna ba baƙi wuta awa 24, kuma na san da rana, lokacin da yawancin ɗakuna ba kowa, janareta yakan ci gaba da shan dizal saboda firji, famfon ruwa da teburin karɓar baƙi. Waɗannan ukun muke ɗorawa a kan sola, ba na'urorin sanyaya ɗaki ba, don haka kuɗin farawa ba shi da nauyi. Idan ka gaya min girman janaretanku da awannin da yake yi da rana, zan aiko maka da lissafi a shafi ɗaya, kyauta. Idan ba kai ke kula da wannan ɓangaren ba, wa zan tuntuɓa?"

Layin farko magana ce a kan otal ɗin, wadda ba za a iya aika wa kowa ba. Wannan ne ke cin lokaci, domin sai ka duba kowane wuri ɗaya bayan ɗaya, kuma idan otal bai ce yana ba da wuta awa 24 ba, ba za ka rubuta haka ba. Abin da aka roƙa ƙarami ne: lambobi biyu da manaja ya haddace, zai iya turo su da babban yatsa. Da an ce ya ba da lokacin ganawa, sai ya ce bari ya yi tunani, shi ke nan an rufe babin. Tambayar ƙarshe kuma tana ba wanda ba shi ne ba hanyar amsawa, kuma amsarsa ita ce sunan da kake nema tun farko.

Babu takarda da aka maƙala, babu hoto, babu mahaɗi a jikin saƙon. Mutanenmu sun sha damfara ta imel, kuma baƙon adireshi mai cewa "buɗe wannan" ya isa a goge shi. A ƙasa ka sa cikakken sunanka, sunan kamfani, adireshin shago na gaske da lambar waya, sannan layi ɗaya mai cewa duk wanda ba ya son ƙarin saƙo ya faɗa a daina. Idan ya faɗa, cire shi a ranar. Adireshin mutum bayani ne na ƙashin kansa a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, saboda haka rubuta inda ka samo kowanne. Harshe kuwa, bi wanda otal ɗin ke amsa wa baƙinsa da shi. Idan Turanci suke yi, rubuta da Turanci, ginin saƙon bai canza ba.

Tunatarwa biyu sun isa: ɗaya bayan kwana huɗu, ɗaya bayan mako guda daga nan, duk a ƙarƙashin saƙon farko. Kada ta zama "ko ka ga saƙona?" kawai. Ƙara abu ɗaya sabo, misali cewa lissafin zai ware kuɗin batir daban. Ka kula da gurbin suna ma, wato wurin da manhajar ke cike sunan kowa da kanta: idan jerinka ba shi da sunan wani manaja kuma ba ka saita kalmar madadi ba, gaisuwar na iya fita a gurguje, ta tona cewa saƙon na kowa da kowa ne.

Ga mai jerin wurare 40 zuwa 50 a wata, tsarin kyauta na Hunter ya isa a gwada tantancewa da aikawa, in dai an adana ƙuri'un bincike don wuraren da ke da shafin kansu. Biyan kuɗi, wanda da kuɗin waje ake yinsa, ya fi dacewa da mai neman asibitoci masu rassa, manyan makarantun kuɗi ko kamfanonin ƙetare, inda kowane ma'aikaci ke da akwatinsa. Wanda kasuwarsa ta ƙare a kan masu Gmail da lambar waya, kuɗin ya fi masa amfani a katin kira.