Cordialement, Bien cordialement ko Respectueusement: wanne zan sa a ƙarshen imel ɗin Faransanci?

Ni dai tun farko in faɗa muku gaskiya, Bien cordialement nake so, kuma a cikin imel goma da nake turawa Faransa, takwas da shi nake rufewa. Harkar ƙaro nake yi, kuma duk wanda ke wannan sana'a ya san Faransa na cikin manyan masu saye su sarrafa shi, don haka dole ta sa na koyi waɗannan 'yan kalmomin da ake liƙawa saman suna, waɗanda da can nake ɗauka ado ne kawai.

Matsalarmu mu Hausawa ita ce da ladabi aka raine mu. Idan za ka rubuta wa wanda kake ganin ya fi ka, hannunka da kansa zai tafi neman "ranka ya daɗe" na Faransanci, sai ka ci karo da Respectueusement, ka ga ai ma'anarsa "cikin girmamawa", ka ce shi ke nan na samu. To a nan na ƙone. Akwai wata mata mai kula da sayen kaya a wani kamfani da muke hulɗa da shi, kuɗinmu ya makara, na rubuta mata saƙon tunatarwa har sau uku kuma kowanne na rufe da Respectueusement ina ganin na cika ɗan kirki. Sai daga baya da muka saba take ce min ta rasa yadda za ta fassara abin, ko roƙonta nake yi kamar mai neman alfarma, ko kuma baƙar magana ce na lulluɓe da ladabi. Ni kuwa haƙƙina nake bi! Kalmar ta sauke ni ƙasa da matsayina a daidai lokacin da ya kamata in tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita.

Respectueusement sama kawai yake hawa, kuma sai inda akwai kujera ta gaske: minista, jakada, alƙali, shugaban jami'a, ko soja yana rubuta wa na gaba da shi. Imel ɗin da ya buɗe da Monsieur le Préfet ko Madame la Ministre ya dace da shi. Tsakanin mai saye da mai sayarwa ba shi da wurin zama, ko da kamfaninsu ya ninka naka sau ɗari.

Cordialement kuma farar shinkafa ce ba miya, ba ta ɓata ciki amma ba wanda zai tuna da ita. Asalinsa daga kalmar Latin mai nufin zuciya ya fito, wato "da zuciya ɗaya", sai dai yawan amfani ya wanke shi tas. Yana yi a imel na farko zuwa ga wanda ba ka sani ba kuma tsaranka ne a aiki. Amma ka lura, masu tsohuwar tarbiyya a can suna ɗaukarsa kalmar da babba ke sauko wa ƙarami da ita ko ta tsara da tsara, don haka ɗan koyon aiki ya jefa wa babban darakta Cordialement tsurarsa, wani zai ɗaga gira.

Yanzu ga nawa. Wannan ɗan bien ɗin da ke gaba, haruffa huɗu kacal, shi ne gishirin. Yana nuna ka zauna ka rubuta wa mutumin ne, ba injin ofis ya buga ba, kuma duk da haka bai kai ka shiga ɗakin mutum ba sallama ba, kuna nan a kan vous ɗinku. Yana hawa sama kaɗan ba tare da raini ba, shugaban sashenka da kuke magana kullum zai karɓe shi lafiya. Yana sauka ƙasa ba tare da izza ba. Yana tafiya da Bonjour Madame, kamar an halicce su tare. Yadda nake yi shi ne, imel na farko in sa Cordialement, in jira amsa in duba me suka rufe da shi, da zarar mun yi musanya biyu ko uku ko mun yi waya sau ɗaya sai in koma Bien cordialement in zauna a nan. In babba ne sosai, ina barinsa shi ya fara sassautawa, kamar dai yadda ba ka fara miƙa wa dattijo hannu.

Abu ɗaya da shi, in ka hau ba a sauka a banza. Wanda ka saba rufe masa da Bien cordialement wata shida, ranar da ka cire bien zai ji sanyin, zai ɗauka ka yi fushi. Su ma haka suke yi mana, ranar da kaya suka isa da datti ko danshi ya yi yawa, kafin in gama karanta ƙorafin na riga na gani a ƙasa, bien ɗin ya yi tafiyarsa.

Cdlt da Cdt kuwa, wato Cordialement da aka gajarta, kar ma a fara, kamar ka gaida mutum da hannun hagu ne.

Sai jabu, kuma nan ne nake so ku buɗe ido. Jabu na farko shi ne wanda aka dasa a cikin sa-hannun imel yana fitowa da kansa, har ka ga mutum ya zazzaga maka faɗa sannan a ƙasa ga Bien cordialement yana murmushi. Ni na cire nawa daga can, da hannu nake bugawa kowane lokaci. Na biyu shi ne dogayen jimlolin da ake kwafowa a intanet ana mannawa ba a san me suke cewa ba. Irin su Je vous prie d'agréer, Madame, mes salutations distinguées na wasiƙa ne ta hukuma ko takardar neman aiki, in ka sa shi a ƙarƙashin imel mai layi biyu ya zama babbar riga a kan gajeren wando.

Na uku shi ne mai cin dukiya. Akwai damfarar da ta yi ƙaurin suna a Faransa, ɓarawo ya kwaikwayi adireshin mai kawo kaya, ya canza harafi ɗaya, ya rubuta wa kamfani cewa an sauya banki, ga sabon RIB, wato takardar da ke ɗauke da lambar asusu, a tura kuɗi nan. An gwada yi da sunana. Abin da ya fara tsayar da matar nan mai kula da sayen kaya shi ne imel ɗin ya rufe da Respectueusement da wata doguwar jimlar fadanci, alhali ta san na bar wannan tuntuni, sai ta koma ta duba adireshin da kyau, ta ɗauki waya ta kira ni a lambar da take da ita tun da.

Amma kar wani ya ɗauka wannan katanga ce. Ɓarawon da ya riga ya shiga akwatin imel ɗinka ya karanta saƙonninka na baya, zai kwafi Bien cordialement ɗinka har da waƙafin da ke bayansa, kuma adireshin ma naka ne na gaske. Shi ya sa na gaya wa duk abokan cinikina, duk imel ɗin da ya ce na canza RIB, ko da me aka rufe shi, kar a tura ko sisi sai an ji muryata a tsohuwar lambata, ba lambar da ke rubuce a ƙasan imel ɗin ba.