Olimfus da Jangare: rabon mulki da rigimar gida

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada ta tambaya: "Muna karanta tatsuniyoyin Girkawa a aji. Wai me ya sa allolinsu ke da sarautu da dangi, suna kishi da faɗa kamar mutane?"

Malama, mu jera su da iskokin bori, tunda su muka fi sani a ƙasar Zazzau. Amma fa iskoki ba alloli ba ne, ko Maguzawa sun yarda Allah na sama da su. Tsarin gidan kawai za mu duba.

Allolin Girkawa, da ake cewa dutsen Olimfus ne mazauninsu, rabon gado suka yi. Bayan 'ya'yan Kronos sun tumɓuke ubansu, maza uku suka jefa ƙuri'a: Zus ya sami sama, Fosaidon teku, Hadis ƙarƙashin ƙasa. Doron ƙasa kuwa aka bar shi na kowa, kuma nan ne tushen fitinar. A birnin Atina, Fosaidon ya caki dutse da mashinsa ruwan gishiri ya ɓulɓulo, Atena 'yar Zus ta tsirar da zaitun, aka ba ta garin. Mutanen da ke cin abinci da zaitun, suna kuma fatauci ta teku, dole su bauta wa duka biyun, dole kuma su faɗi wanda ke gaba. Labarin faɗan shi ya raba musu gardama.

A Jangare, birnin iskoki, ba duniya aka raba ba, sarauta aka naɗa. Sarkin Aljan Sulemanu na bisa karaga, ga Ɗan Galadima ɗan sarki mai caca da kyauta, ga Malam Alhaji da carbinsa da tarin tsufa. Kowane iska da cutar da ake jingina masa. Shan inna ma daga Inna ya samo suna. Wanda ya san yadda gidajen Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa ke zaman sarauta ɗaya a Zariya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Salsalar dangi kuwa dabarar karɓar baƙo ce. Kowane garin Girka da abin bautarsa, da aka haɗa su sai aka ɗaura musu aure ko aka ce 'ya'yan Zus ne. Matansa suka yi yawa, ita kuma uwargidansa Hera aure ne sarautarta, to ina za ta ƙi kishi? Bori ma da Turawa suka zo, sai ga iskokin Turawa da sojoji sun sami gurbi.

Inda za ki gane ɗinkin shi ne saɓanin ruwaya. Mawaƙi Hesiyod, wajen shekara 700 kafin Miladiyya, ya ce Afrodait, allahiyar soyayya, daga kumfar teku ta fito, mawaƙi Homa kuwa ya ce 'yar Zus ce da Diyon. Idan kina rubuta jarrabawa, ki faɗi ruwayar wanda kika ɗauka.