Kafin ka biya kuɗin fili: satifiket na gwamna ko takardar mai unguwa?

Idan dillali ya ce maka fili naka ne har abada, ba wa'adi ba sharaɗi, to daɗin baki ne kawai. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da kake saya kuwa haƙƙin zama ne. A Arewa ma tsarin ya girmi wannan doka, domin tun 1910 Turawa suka ɗora ƙasa a hannun hukuma. Saboda haka ka cire mallakar dindindin daga lissafi.

Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne fili mai satifiket na gwamna. Yawanci shekara 99 ake bayarwa ga filin zama, kuma ana biyan harajin ƙasa duk shekara. Wa'adin yana farawa ne daga ranar da ke jikin takardar, ba ranar da ka saya ba: satifiket da ya fara aiki a 1990, idan ka saye shi a 2025, shekara 64 ce ta rage maka. Duk da haka shi banki ke karɓa jingina, shi ne mai lambar fayil da taswirar safiyo da za a iya dubawa, kuma idan gwamnati ta karɓi wurin don aikin jama'a, sunan da za a nema wajen diyya yana rubuce. Ita ma diyyar, ta gini ce da shuka da abin da ka kashe a wurin, ba ta ƙasar kanta ba.

Wurin da masu saye suka fi yin sakaci shi ne sashe na 22 na dokar 1978, wanda ya hana sayar da irin wannan fili ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Ka biya, an miƙo maka satifiket mai sunan wani, ka jefa a akwati? A idon hukuma har yanzu filin nasa ne. Sai lauya ya rubuta takardar sauya mallaka, an nemi amincewar, an biya kuɗin hatimi, an yi rajista. Takardar wakilci da wasu ke tsayawa a kanta ba ta mayar da fili naka.

Haya daga hannun mai satifiket, ko kamfanin gidaje, ba za ta wuce ragowar wa'adinsa ba, kuma idan aka soke nasa, naka ya bi ruwa.

Filin gargajiya, wato gonar gado da aka yanka awon igiya, arha ne, kuma halal ne. Ƙaramar hukuma tana iya ba da takardar haƙƙin zama a kansa, amma a wajen yankin da gwamna ya ayyana birni kaɗai. Sa hannun mai unguwa da dagaci shaida ce ta ciniki, ba ta hana titi ya bi ta tsakiyar ɗakinka idan an zo tsara unguwa. A Abuja kuwa minista ne kawai ke da ikon ba da fili.

Babbar matsalar ita ce magada. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mata biyu, sai babban ɗa ya yanka gonar ya sayar. Matar tana da tumuni, sauran a kasa takwas, kowane namiji ya ɗauki biyu. Rabon wanda ya sayar maka bai kai rubu'in gonar ba, kuma ko bayan ka zuba decking ƙanwarsa tana iya kai ƙara kotu. Ka nemi takardar rabon gado ta kotu, ko kowane magaji ya sa hannu a gabanka, har matan da ke gidajen aure. Ka kuma tambayi maƙwabtan gonar ko aro ce ko jingina a hannun mai sayarwar.

Satifiket ɗin ma ana yin na jabu, kuma 'yan damfara sun ƙware. Akwai takarda ta gaskiya amma ta wani fuloti daban, akwai kwafi mai launi alhali na asali yana banki an ci bashi da shi, akwai kuma takardar tayin fili da ake nuna wa mutum a ce satifiket ce. Kada ka yarda da binciken da dillali ya kawo maka a shirye. Ka ɗauki lambar fayil da kanka, ko lauyanka, zuwa hukumar da ke ajiye bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a fito maka da sunan mai filin, da ko akwai jingina, bashin haraji ko sokewa. Sannan ka kai safiyo naka wurin ya gwada lambobin duwatsun iyaka da na taswira, ya auna ya ga ƙafa 50 da 100 ɗin da aka ce ta cika. Wanda ya matsa maka da cewa akwai wani Alhaji da zai biya gobe, ka bar wa Alhajin. Kuɗi kuma ta banki za ka tura, zuwa asusun mai sunan da ke cikin fayil, ba na dillali ba.