Jadawalin zanen buƙata da wadata a shafi ɗaya: a saya, a buga, ko a zana da hannu?

Ɗalibin da yake shirin WAEC, NECO ko JAMB, ko wanda ya shiga shekarar farko a Jami'ar Bayero yana karanta ilimin tattalin arziki, ba ya rasa jin shawarar cewa ya haɗa zane-zanen darasin a takarda guda ya manna a bango. Shawara ce mai kyau. Sai dai hanyoyin samun wannan takarda a Kano sun kai uku: ko ka nemi wadda aka riga aka buga, ko ka je shagon kwamfuta a tsara maka, ko ka zauna da rula da fensir ka zana abinka. Kafin ka fitar da kuɗi, ya kamata ka san abin da kake so takardar ta yi maka, domin da shi za ka auna kowace hanya.

Ni abin da nake fara dubawa a kowane jadawali shi ne ko ya raba tsakanin tafiya a kan layi da matsawar layin kansa. Idan farashin tumatir ya tashi a kasuwar 'Yankaba, mutane suka rage saye, layin buƙata bai motsa ba. Masu saye ne suka tashi daga wani ɗigo suka koma wani a kan layin da yake nan. Layin yana matsawa ne kawai idan wani abu da ba farashin tumatir ɗin ba ya canza, kamar kuɗin da ke shiga aljihun mutane, ko yawan jama'a, ko shigowar azumi. A nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki. Jadawalin da bai ware wa wannan bambanci gida na musamman ba, komai kyansa, ka bar shi.

Bayan wannan gida, shafin yana buƙatar gida huɗu: buƙata ta matsa dama, buƙata ta matsa hagu, wadata ta matsa dama, wadata ta matsa hagu. A kowane gida farashi, wato P, yana kan layin tsaye, yawan kaya, wato Q, yana kan na kwance. Tsohon layi D na buƙata ko S na wadata, sabo D1 ko S1, da kibiya a tsakaninsu. A ƙarƙashin zanen a rubuta abin da ya faru da farashi da yawan kaya, sannan dalilan da suka saba jawo matsawar. Gida na shida na lokacin da layukan biyu suka matsa tare ne. Shida ke nan, kuma sun ishi shafi ɗaya.

Jadawalin da aka riga aka buga, ko wanda ake saukewa daga intanet a kai a buga, shi ne mafi sauƙin samu, kuma layukansa a miƙe suke tsaf. Matsalarsa cunkoso. Sau da yawa za ka tarar an tura zanen kuɗin samar da kaya, da na kasuwar mai sayarwa ɗaya tilo, da na tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, duk a shafi guda, rubutun ya ƙanƙance har sai ka ƙura ido. Misalansa kuma na wata ƙasa ne, kayan da ba ka taɓa tayawa ba. Idan za ka saya, ka riƙe shi nesa da kai gwargwadon tsawon hannu. In ba ka iya karanta dalilan a haka, a bango ma ba za ka iya ba. Ka kuma duba ko ya ce layin wadata ya yi sama ko ya yi ƙasa. Wannan lafazi yana rikita mutum, domin idan wadata ta ƙaru layin yana matsawa dama, wanda a ido yake kama da saukowa ƙasa. Dama da hagu su ne kalmomin da ba sa ruɗarwa: dama ƙari, hagu ragi, a layukan biyu.

Shagon kwamfuta yana da amfani idan ku da yawa ne, kamar 'yan aji guda da za su raba kwafi, ko malamin da zai ba ɗalibansa. Amma mai shagon abin da ka ba shi zai buga, ba aikinsa ba ne ya san inda layi ya kamata ya faɗa, don haka ka je da daftarin hannu, ka zauna kusa da shi. A PowerPoint ko Word ana samun layi ta Insert, sannan Shapes. Idan an zana layin farko, a kwafe shi a ja shi gefe maimakon a zana sabo, ta haka layukan biyu za su tafi kafaɗa da kafaɗa ba tare da ɗaya ya karkace ba. Idan kuma da Excel za a yi, a lura: a zanen Scatter, jerin farko shi ne ke zuwa layin kwance, saboda haka Q ne zai zo a farko, P ya biyo baya, in ba haka ba zanen zai fito a juye. A ajiye shi a PDF kafin a kai wani shago, don kada kibiyoyin su goce daga inda aka sa su.

Akwai kuma maganar launi. Bugun kala ya fi baƙi da fari tsada sosai, kuma da zarar abokinka ya yi fotokwafin takardar, ja da shuɗi duk sun zama toka. Gara a yi tsohon layi a cike, sabon layi a gutsuttsure, sai bambancin ya tsira ko a wace na'ura aka buga. Game da girma, A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon 297, A3 kuma ninkinta ce, 297 da 420. Gida shida a A4 suna shiga, amma dalilan za su takura. Ga bango A3 ta fi, ga saka wa cikin littafi A4. Kada ka yi gaggawar yi mata laminatin, domin za ka so ka ƙara misali nan gaba.

Zanen hannu shi na fi so ga wanda zai shiga ɗakin jarrabawa, saboda a can da hannunsa zai zana, kuma cike gurbin dalilai da kanka shi ne karatun. Takardar giraf ko farin kwali, rula, fensir da biro baƙi sun wadatar. Raunin wannan hanya ɗaya ne, kuma babba ne: idan ka fahimci abu a karkace, haka za ka zana shi ka yi ta haddace kuskure. Dole ne malami ya duba daftarin kafin ka bi shi da biro.

Bari mu cike gida ɗaya tare, na wadata ta matsa hagu. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da maƙwabtanta, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Alƙaluman da ke tafe na koyarwa ne kawai, P dubban naira ne a kan kwando, Q yawan kwanduna, Qd na buƙata, Qs na wadata:

```
Qd = 100 - 2P
Qs = 10 + P
```

Inda suka haɗu, 100 - 2P = 10 + P, sai P ya zama 30, Q ya zama 40. Wannan shi ne ɗigon farko. Yanzu tsutsa ta shiga gonakin Kadawa da Kura, a kowane farashi manoma suna kawo kwando 30 ƙasa da na da:

```
Qs1 = P - 20
```

Sai 100 - 2P = P - 20, P ya koma 40, Q ya koma 20. Ka zana S1 a hagun S, ka sa kibiya, ka rubuta a ƙasa cewa farashi ya hau, yawan kaya ya sauka. Ka lura da abu biyu. Layin D bai motsa ba, duk da cewa saye ya ragu daga 40 zuwa 20, masu saye sun hau ne a kan layinsu. Sannan layin wadata ya matsa da kwando 30, amma abin da aka sayar ya ragu da 20 kacal, saboda tashin farashin ya jawo wasu manoman sun ƙara fito da kaya. A gurbin dalilai ka rubuta annobar gona ko ƙarancin ruwa, tsadar taki da iri, ƙarin haraji, janye tallafi, da raguwar masu noma. Janye tallafin man fetur da aka sanar ranar 29 ga Mayu, 2023 ya dace da wannan gida, domin kuɗin ɗauko kaya daga gona zuwa kasuwa yana cikin kuɗin samar da su. Gidan wadata ta matsa dama kishiyarsa ne, lokacin kaka shi ne misalinsa.

A gidajen buƙata, dalilan su ne kuɗin shiga, farashin abin da ke maye gurbin kayan, farashin abin da ake haɗa su da shi, sha'awa da lokaci, yawan jama'a, da tsammanin abin da farashi zai zama gobe. Kowanne ka ba shi misali daga gida. Shinkafa ta yi tsada, buƙatar taliya ta matsa dama. Fetur ya yi tsada, buƙatar ƙaramin janareto ta matsa hagu. Azumi ya kama, buƙatar sukari a kasuwar Singa ta matsa dama. Ka bar ɗan wuri don togiya guda: akwai kayan da buƙatarsu ke ƙaruwa idan aljihu ya yi sanyi, kamar garin kwaki, kuma masu tsara tambayoyi suna son wannan. Shi kuwa tsammani ka rubuta shi a ɓangarorin biyu, domin idan 'yan kasuwar Dawanau suka hango masara za ta tashi, mai kaya yana riƙe buhunansa, mai saye yana gaggawar tarawa.

Gida na shida shi ne wanda na fi ganin jadawalin saye yana tsallakewa. Ɗauki rago gab da babbar sallah a shekarar da kuɗin mota da abincin dabbobi suka hau. Buƙata ta matsa dama, wadata ta matsa hagu. Dukansu suna tura farashi sama, don haka hawansa tabbas ne. Yawan ragunan da za a sayar kuwa, ɗaya yana ƙara shi, ɗaya yana rage shi, sai an san wace matsawa ta fi girma. A wannan gurbi alamar tambaya za ka sa a gaban Q, kuma ita ce amsar daidai.

Idan kai kaɗai ne, ka zana da hannu a A3, malami ya duba, sannan ka yi fotokwafi guda a rage ta zuwa A4 don jaka. Idan ƙungiya ce, ku yi daftarin tare ku kai shagon kwamfuta ku raba kuɗin. Sunayen layuka da dalilai ku rubuta su da Turanci yadda za su zo a jarrabawa, misalan kuma da Hausa a gefe. Ɗalibin jami'a da ke buƙatar zanen tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya ya buɗe masa shafi na biyu, kada ya matse shi cikin wannan.