HandBrake: yadda nake fitar da bidiyon da tsohuwar talabijin da sabuwar waya za su buɗe

Na daɗe ina amfani da HandBrake, manhaja ce ta kyauta mai sauya bidiyo daga wani tsari zuwa wani. Abin da ya riƙe ni a kanta shi ne bidiyon da ta fitar yana buɗewa a na'urorin da suka ƙi karɓar na asali, muddin an zaɓi saitin da ya dace.

Mutane da yawa suna ganin .mp4 a ƙarshen sunan fayil sai hankalinsu ya kwanta. To, MP4 kontena ce kawai, kamar ambulan, kodek kuwa shi ne harshen da aka rubuta wasiƙar da ke ciki. Talabijin tana iya buɗe ambulan ɗin ta kasa karanta wasiƙar. Alamar haka ita ce murya na fita amma allo baƙi ƙirin. Idan kuma hoto ne ke tafiya babu murya, kodek ɗin sauti ne ba ta gane ba.

Ga misalin da na gwada manhajar da shi. Bidiyo ne da aka ɗauka da sabuwar waya, 4K, firam 60 a daƙiƙa, kodek ɗinsa HEVC mai zurfin launi bit 10, kuma da HDR, wato tsarin da ke faɗaɗa haske da launin hoto. A wayar yana tafiya sumul, amma da na zuba shi a filasha na soka wa wata tsohuwar talabijin, murya kaɗai ta fito. Dalilin a fili yake: HEVC ya fito ne a 2013, kuma na'urorin da aka ƙera kafin ya yaɗu ba su da guntun da ke warware shi. H.264 kuwa tun 2003 yake, shi ya sa kusan komai na karanta shi. AV1 na 2018 ya fi su matse fayil, amma ba na aika shi ga wanda ban san na'urarsa ba.

Na zaɓi saitin Fast 1080p30, wanda ke sauko da hoton zuwa 1080, ya rage firam zuwa 30, ya sa H.264 da sautin AAC a cikin MP4. A shafin Video na tabbatar an rubuta H.264 (x264), domin akwai wani mai kama da shi a jerin, H.264 10-bit (x264), kuma wannan tarko ne. Sunansa H.264, amma yawancin talabijin da wayoyi bit 8 kawai guntunsu ke iya warwarewa a wannan kodek. Na kuma duba Encoder Level ya tsaya a 4.0. Wannan lamba tana nuna nauyin aikin da na'ura za ta ɗauka: 4.0 ta ishi 1080 mai firam 30, amma firam 60 na buƙatar 4.2, kuma nan ne tsofaffin na'urori ke fara sarƙewa. Sai na zaɓi Constant Framerate, saboda wayoyi kan ɗauki hoto da saurin firam mai hawa da sauka, abin da ke sa murya da motsin baki su rabu a wasu na'urori.

Sai batun launi. Idan aka mayar da bidiyon HDR zuwa bit 8 ba tare da gyara launinsa ba, yana iya fitowa a koɗe, kamar an wanke shi. Maganin yana shafin Filters, inda ake mayar da Colorspace zuwa BT.709. Da na yi haka launin ya daidaita, talabijin ta nuna hoto da murya, wayar ma ta buɗe shi.

Ba abin da ake samu a banza. H.264 ya fi HEVC cin wuri idan ana son kyawun hoto iri ɗaya, kuma filashar da ke kan tsarin FAT32 ba ta karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4. Bidiyo mai megabit 8 a daƙiƙa yana cin megabayit ɗaya kowace daƙiƙa, wato kusan gigabayit 3.6 a awa guda, ya kusa taɓa iyakar ke nan. Idan bidiyon ya fi haka tsawo, nakan ɗaga lambar RF, wadda ke daidaita kyawun hoto da girman fayil, daga 22 zuwa 24, fayil ya ragu, kuma da wuya ido ya ga bambancin a 1080.

Ina ba da shawarar manhajar ga duk mai raba bidiyo ga mutanen da bai san na'urorinsu ba, sai dai maɓallanta suna da yawa, sabon shiga zai ɗan sha wuya da farko. Fayil na asali kuma a adana shi, domin 4K da HDR ɗin da aka zubar ba sa dawowa daga kwafin da aka rage.