Zaɓen hanyar da za ta riƙe kamannin ɗan talla a hotuna da yawa

Duk mai kamfanin da yake son ya ƙirƙiri ɗan talla na zane da manhajar ƙirƙirar hoto yana da hanyoyi uku a gabansa, kuma yawan hotunan da yake bukata shi ne ya kamata ya yanke masa hukunci kafin ya biya ko sisi. Mu ɗauki misalin mai sayar da zoɓon gora, wanda ɗan tallansa yaro ne mai zagayayyar fuska, da jar hula, da farar riga mai maɓalli uku, ana kuma son a gan shi yana gudu, yana zaune, yana miƙa gora, yana juya baya.

Hanya mafi arha ita ce bayanin rubutu kaɗai, wato a rubuta siffofin yaron sau ɗaya, a riƙa maimaita su kalma da kalma, ana sauya jimlar motsi kawai. Tana isa idan hoto uku ko huɗu ake so, amma ba ta wuce nan, domin rubutu yana bayyana irin yaron ne, ba ya nuna yaro guda. Mutane da yawa suna dogara da lambar `--seed`, wadda ake maimaitawa don manhajar ta sake fitar da hoto mai kama da na farko, alhali amfaninta yana raguwa da zarar an taɓa rubutun umarnin.

Hanya ta biyu ita ce a ba manhajar hoton asali ta riƙa kwaikwayo, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da yawancin ƙananan kamfanoni. A manhajar Midjourney, wadda ake biyan kuɗinta wata-wata, sigar V6 tana karɓar `--cref`, umarnin da ake ba ta hoton asali da shi, tare da `--cw`, ma'aunin yawan kwaikwayon, wanda yake tafiya daga 0 zuwa 100. Idan aka bar shi a 100, manhajar tana ƙoƙarin riƙe fuska da gashi da tufafi. Idan aka mai da shi 0, fuskar kawai take riƙewa, abin da yake da amfani ranar da ake son yaron ya sa kayan sallah. A sigar V7 kuwa `--oref` da `--ow` ne suke yin wannan aiki. Raunin hanyar yana cikin ƙananan abubuwa. Idan hular tana da aiki irin na zanna bukar, zanen zai sauya a kowane hoto, maɓallan rigar za su zama huɗu yau, biyu gobe, tambarin kamfanin da ke ƙirji kuma zai fito da haruffan da ba sa karantuwa. Saboda haka tun wajen zanen farko a ba shi hula marar aiki, a bar ƙirjin rigar fili, a ɗora tambarin da hannu bayan an gama.

Hanya ta uku ita ce horar da LoRA, wato ɗan ƙari da yake koya wa manhaja kamannin abu guda, a kan manhajar Stable Diffusion ko Flux, inda ake tara hotunan yaron kamar 15 zuwa 30, a ɗaura su da wata kalma ta musamman wadda za a riƙa kiransa da ita. Ita ce mafi riƙo, kuma ita ta cancanci wanda zai yi shekara yana fitar da talla, sai dai tana bukatar kwamfuta mai ƙarfin katin hoto ko hayar ta ta intanet. Tana kuma haddace duk abin da aka ba ta: idan a dukkan hotunan horarwa yaron yana riƙe da gora, zai yi wuya a raba hannunsa da gorar daga baya.

Batun da aka fi mantawa da shi shi ne ma'aunin jiki. Masu zane suna auna tsawon jiki da tsawon kai. Baligi yana kai kusan kai bakwai da rabi, ɗan talla kuwa sau da yawa kai uku ne. Manhajoji suna jan jiki zuwa ma'aunin mutum na gaske, musamman a hoton gudu, har yaron ya koma saurayi mai dogayen ƙafafu. Wanda yake amfani da ControlNet OpenPose, kayan aikin da yake ciro tsarin gaɓoɓin jiki daga wani hoto, don tsara tsayuwa ya kula ƙwarai, domin idan aka ciro ƙashin tsayuwar daga hoton baligi, tsawon baligi zai biyo shi, sai an gajarta gaɓoɓin da hannu.

Kowace hanya aka zaɓa, kuɗin da aka ba mai zane ya fitar da yaron ta gaba da gefe da baya a shafi guda ba asara ba ne, tunda daga nan hoton asali da hotunan horarwa za su fito. Kafin a biya kuɗin shekara, a biya na wata guda, a nemi hotuna huɗu: fuska kusa, tsaye, zaune, da ta baya. A jera su, a ƙirga maɓallan, a auna tsawon da kai, a duba ko jan hular iri ɗaya ne. Na baya shi ne ya fi tona asirin manhaja, domin babu fuskar da za ta jingina da ita.